Kafin ka biya kuɗin gida, je ka gan shi cikin Agusta

Sau da yawa da rani ake ƙulla cinikin gida, lokacin da bango ya bushe, kwata ta ƙafe, mai gida kuma ya shafa sabon fenti. A ganina duk wanda ke da halin jira, ya jira tsakiyar damina, ya je washegarin ruwa mai ƙarfi tare da magini wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. Mafi yawan cututtukan gida daga ruwa suke tasowa, kuma a ranar ne ba sa ɓoyuwa.

Tun daga waje ake fara dubawa. Tsaya a kan layi ka kwatanta tsayin titi da dokin ƙofa. Idan titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan unguwa cikin gidan zai riƙa kwarara. Tambayi tsofaffin maƙwabta me ke wurin kafin a yi gini. A Kano an cike kududdufai da yawa da shara da ɓaraguzai an yi gini a kansu, irin wannan ƙasa kuwa takan ci gaba da zama shekara da shekaru, ta ja harsashin gini ƙasa. Ɗaga kai ma ka gani ko babban layin lantarki ya ratsa ta saman rufin.

A ce ka shiga wani gida mai ɗaki uku, ka tarar da tsaga a bangon falo. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar filasta, yawanci daga bushewar siminti ce, gyaranta kaɗan ne. Wadda ake gudu ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a gefe guda, kuma in ka zagaya ka same ta a bayan bangon. Idan faɗinta ya kai milimita 5, ga ƙofar ɗakin tana cijewa, to mai yiwuwa wani ɓangare na harsashin ya nutse. Sa magini ya liƙa ɗan siminti a kan tsagar, ku dawo bayan wasu makonni. In liƙin ya sake tsagewa, ginin yana motsi har yanzu, kuma wannan aikin injiniya ne. Inda babu filasta, karci bulo da ƙusa: wanda aka ƙwari siminti wajen buga shi zai zube kamar yashi.

Danshi ma iri biyu ne. Wanda ke tasowa daga ƙasa ba ya cika wuce mita ɗaya a jikin bango. Za ka ga fenti yana kumbura, wani farin gishiri yana fitowa, ɗakin yana warin ruma. Sabon fenti ko tayil da aka liƙa a ƙasan bango kaɗai, ba a taɓa sama ba, abin tambaya ne. Wanda ya fito daga sama kuwa tabo yake bari a silin. Kada ka ji nauyin neman tsani ka leƙa cikin rufi da tocila, ka duba hujin kwano, ka soki katako da ƙusa ka ga ko gara ta cinye cikinsa.

Wajen lantarki, sa mai gyaran wuta ya kwance soket biyu ko uku. Wayar soket ta zama jan ƙarfe mai kaurin 2.5, ta ƙwai 1.5, ta na'urar sanyaya ɗaki ko hita kuma 4. Idan an ja siririyar waya zuwa soket, za ta yi zafi a cikin bango har robarta ta narke, daga nan gobara ke tashi. Baƙin tabo a fuskar soket shaida ce cewa an fara. Mai gyaran ya tabbatar akwai wayar da aka haɗa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, kai kuma ka nemi takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe, don kada ka gaji rigimar bashin wani.

A banɗaki, buɗe famfo ka zuba bokiti biyu a masai. Idan ruwan ya tsaya yana jan jiki, ko dai bututu ya toshe ko ramin ya cika. Daga nan ka auna tazarar da ke tsakanin ramin masai da rijiya ko burtsatse. Mita 30 ake so, kada ta gaza 15, kuma ramin maƙwabci da ke bayan katanga yana cikin lissafi. A ƙananan filayen cikin gari tazarar ba ta cika samuwa ba, don haka a kai ruwan ɗakin gwaji kafin iyali su fara sha.