Wasiƙar da ke ceton kunnen ma'aikaci

Wanda ya taɓa shiga ɗakin injin niƙa roba a masana'antun Sharada ko Challawa a Kano ya san yadda ake magana a ciki. Sai ka kai bakinka kusa da kunnen abokin aikinka, ka ɗaga murya, shi kuma ya amsa da hannu. Masana lafiyar ma'aikata suna da ma'auni mai sauƙi a kan wannan: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye taku ɗaya daga gare ka ya ji, to ƙarar wurin ta kai desibel 85 ko ta wuce.

Desibel 85 ita ce iyakar da kunne ke iya ɗauka na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya kacal. A ce an auna gaban injin an sami 94, ma'aikaci kuma yana tsayawa awa 12 a wurin. Ke nan kullum kunnensa na shan rabon kwana 12. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan gashi masu kama sauti, kuma wanda ƙara ta kashe a cikinsu ba ya sake tsirowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon ba ya zafi, ba ya jini. Mutum zai tashi daga aiki kunnensa na ƙugi kamar kukan gyare, da safe ya ji ya washe, ya ɗauka ya wuce. Bayan shekaru sai iyalinsa su fara cewa ya cika ƙure rediyo.

Ƙorafin baki a gaban shugaban sashe iska ke ɗauke shi. Takarda kuwa tana zama. Ga yadda mai aiki a irin wannan inji zai iya rubutawa, bayan ya sa kwanan wata da lambarsa ta aiki:

"Ranka ya daɗe, Manaja. Bayan gaisuwa da fatan alheri, shekarata uku ina aiki a gaban injin niƙa roba, awa 12 a rana. Wata huɗu ke nan kunnuwana suna ƙugi bayan tashi daga aiki, kuma ina shan wahalar jin magana a cikin taro. Ina roƙon abu biyu: a ba mu abin toshe kunne ko murfin kunne da ya dace da ƙarar sashenmu, kuma a tura ni gwajin ji a asibiti, a ba ni kwafin sakamakon. Zan yi godiya idan na sami amsa cikin mako biyu."

Babu zargi a cikinta, babu barazana. Ta faɗi inji, ta faɗi awoyi, ta faɗi alamar ciwo da lokacin da ta fara. A yi kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kan ɗaya, a adana shi a gida.

Roƙo na biyu ya fi nauyi, ko da yake shi aka fi mantawa. A gwajin ana sa wa mutum na'ura a kunne cikin ɗaki mai shiru, ana sako sautuka, yana nuna wanda ya ji. Ɓarnar ƙara tana fara bayyana a siririn sauti, wajen has 4,000, tun kafin mai ita ya lura. A je bayan an huta daga ƙara aƙalla awa 14, don kada gajiyar kunne ta ɓata sakamakon. Ana yin sa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta haɗa da raunin ji da aiki ya jawo, amma wanda ba shi da takardar gwajin farko zai sha wuya kafin ya nuna cewa aikin ne ya ci kunnensa.

Idan an kawo abin toshewar, a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura shi ciki, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Auduga ba ta tare ƙarar inji. Ɗan'uwa, idan kunnenka ya yi ƙugi jiya da dare, rubuta wasiƙar nan a wannan makon.