Miliyan goman da ke takardar rajistar kamfani bashi ne a wuyan wanda ya sa hannu

Magana iri biyu ke yawo a bakin masu shirin yi wa kamfani rajista a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kuma suna karo da juna. Wasu na cewa sai ka ajiye kuɗin jarin da ka rubuta a banki kafin hukumar CAC ta ba ka shaida. Wasu kuma na cewa lambar ado ce kawai, ka rubuta miliyan goma ko hamsin don kamfani ya yi kwarjini wajen neman kwangila. Ta farko ba gaskiya ba ce, amma iyakar ɓarnarta ta hana mai ƙaramin ƙarfi farawa. Ta biyu ta fi damuna, domin tana sa mutum ya ɗauki bashi da hannunsa bai sani ba.

Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta ce kamfani mai zaman kansa ba zai gaza jarin naira 100,000 ba, wanda ke sayar wa jama'a hannun jari kuma naira miliyan 2. A rajistar kamfani na yau da kullum ba a tambayar takardar banki. Abin da ake biya shi ne kuɗin rajista da harajin hatimi, wanda aka daɗe ana lissafa shi kashi 0.75 cikin ɗari na jarin da aka rubuta, wato naira 7,500 a kan miliyan ɗaya, naira 75,000 a kan miliyan goma. Jita-jitar ajiye kuɗi tana da tushe, sai dai an ɗauko ta daga wani waje. Wanda zai buɗe ƙaramin bankin ba da rance ko kamfanin canji, Babban Bankin Najeriya zai nemi ya ga kuɗi a ƙasa kafin ya ba shi lasisi. Wannan sharaɗin lasisi ne, bai shafi mai niƙan gyaɗa ko mai sayar da taki ba.

Ita kuwa maganar ado, ragowar tsohuwar doka ce ta 1990. A lokacin ana iya rubuta babban jari, a raba kashi ɗaya cikin huɗu ga masu kamfani, sauran ya zauna ba mai shi. Dokar 2020 ta rufe wannan ƙofa: duk hannun jarin da aka rubuta sai an raba shi da sunan wani, har CAC ta ba tsofaffin kamfanoni wa'adi zuwa ƙarshen Disambar 2022 su daidaita nasu. Saboda haka duk nairar da ke takardar yanzu tana da mai ita, kuma wanda bai biya nasa ba kamfani yana bin sa.

A ɗauka mutum uku sun haɗa kai za su kafa injin matse man gyaɗa a Gusau, sun rubuta hannun jari miliyan goma, kowane a kan naira ɗaya. Na Gusau ya ɗauki miliyan biyar, na Tsafe uku, na Bunguɗu biyu. Na farko da na uku sun biya cif, na Tsafe ya zuba miliyan ɗaya ya ce sai bayan kaka. Daraktoci na da ikon kiran sauran miliyan biyun, in ya ƙi biya bayan an sanar da shi kuma ana iya ƙwace hannun jarin. Idan kamfanin ya karye da bashin miliyan ashirin, wanda aka naɗa ya tattara dukiyarsa zai nemi na Tsafe da miliyan biyun nan, sauran biyun kuwa ba a bin su komai. Ma'anar Ltd da ke ƙarshen suna ke nan: asararka ta tsaya a kan abin da ka yi alkawari. Masu cewa Ltd na kare gidanka da gonarka sun faɗi gaskiya, amma da iyaka. Idan ka tsaya wa kamfani lamuni da sunanka a banki, ko aka same ka da tafiyar da shi don damfarar masu bin bashi, kariyar ba za ta cece ka ba.

Wannan rabon ne kuma ke yanke wanda zai yi iko, kuma a nan takardar da ake kira MEMART take shigowa. Takardu biyu ne a haɗe. Ta farko tana faɗin sunan kamfani da sana'arsa da jarinsa da abin da kowa ya ɗauka. Ta biyu, kundin ƙa'idojin tafiyarwa, tana faɗin yadda ake taro, yadda daraktoci ke aiki, da yadda hannun jari ke sauya hannu. Doka ta ɗauke su a matsayin yarjejeniya mai ɗaure kamfani da masu shi da jami'ansa, don haka wanda ya ce maka takardar cike gurbi ce ya yaudare ka. Sauya ƙa'idojin yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. A misalinmu, idan kowa ya halarta kuma aka ƙirga ƙuri'a da yawan hannun jari, na Gusau da na Bunguɗu suna da saba'in cikin ɗari, bai kai ba. Na Tsafe, wanda bai gama biya ba, shi kaɗai zai iya tare kowane sauyi, sai fa idan kundin ya hana ƙuri'a ga wanda aka kira bashinsa bai biya ba. Na Gusau ma, da rabin kamfani a hannunsa, ba shi da rinjaye shi kaɗai.

Za a ce ai akwai samfurin ƙa'idoji da CAC ta tanada, me ya sa za a biya lauya? Wannan magana tana da ƙarfi. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa, kuma wanda ke shi kaɗai samfurin ya ishe shi. Amma samfurin bai san cewa ɗayanku ne ya kawo fili ɗayan ya kawo inji ba, bai kuma san farashin da za ku saya daga wanda ke son fita ba. Za a kuma ce mu 'yan uwa ne, akwai amana. Ban musa ba, sai dai hannun jari dukiya ce da ake gada. Ranar da na Gusau ya rasu, miliyan biyar ɗinsa za su shiga rabon gado, kuma magada da yawa da ba su san yadda aka yi magana a zaure ba za su zo da haƙƙinsu. Idan kundin ya fayyace cewa sauran masu kamfani ne za a fara yi wa tayi, ya kuma faɗi wanda zai yi ƙima, magada za su karɓi haƙƙinsu cikin mutunci injin kuma ya ci gaba da aiki.

A ganina mutum ukun nan gara su rubuta jarin da za su iya biya a bana, ko da miliyan biyu ne, kowa ya zuba nasa ta asusun kamfani ya karɓi shaidar hannun jarinsa. In kasuwa ta buɗe, doka ta ba su damar ƙara jari daga baya: su zartar da shawara a taro, su sanar da CAC, su biya harajin hatimi a kan ƙarin da suka yi kaɗai.