Takardar Rage Ma'aikata: Abin da Wasiƙar Airbnb ta 2020 Ta Yi Daidai

Ranar 5 ga Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a duniya, Brian Chesky, shugaban kamfanin Airbnb na Amurka mai haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki, ya aika wa ma'aikatansa wasiƙa. Tun a farko-farkonta ya faɗi abin da ya kawo shi: mutum kusan 1,900 cikin 7,500 za su bar aiki, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma faɗi dalili da lissafi. Kuɗin da kamfanin ke sa ran samu a shekarar ba zai kai rabin na 2019 ba, duk da cewa ya samo dala biliyan 2 don ya tallafi kansa, ya kuma rage kashe kuɗi a ko'ina.

Shekara shida kafin nan, a watan Yulin 2014, Stephen Elop na Microsoft ya rubuta irin wannan wasiƙa ga sashen wayoyin da kamfanin ya saya daga Nokia. Mutum 12,500 ne za su rasa aiki, amma sai mai karatu ya kai sakin layi na 11 kafin ya ga wannan adadi, bayan ya sha dogon bayani kan dabarun kasuwa da makomar wayoyi. 'Yan jarida sun yi ta yi wa takardar ba'a, kuma sun yi gaskiya. Wanda abincinsa ke kan siraɗi ba ya da kunnen sauraron tsarin kasuwa. Idonsa na gudu ne a kan takarda yana neman amsar tambaya uku: ina ciki, yaushe, kuma nawa za a ba ni?

A nan ne wasiƙar Chesky ta yi zarra, domin ta amsa ukun duka. Ta ce waɗanda abin ya shafa a ƙasashen da doka ta yarda a sanar nan take za su sami gayyatar ganawa da wani babba a sashensu cikin 'yan sa'o'i, kuma ga na Amurka da Kanada ranar aikin ƙarshe ita ce Litinin, 11 ga Mayu. Ma'aikacin Amurka zai karɓi albashin mako 14, da ƙarin mako guda kan kowace shekara da ya yi. Wanda ya yi shekara uku zai iya lissafawa da kansa a daren nan: mako 17, kusan wata huɗu ke nan na haya da cefane. Inshorar lafiya za ta ci gaba har wata 12 a Amurka, a sauran ƙasashe kuma zuwa ƙarshen 2020. An bar wa kowa kwamfutar aikinsa, domin da ita zai nemi wani aikin. An kuma buɗe shafin da ake sa sunayen masu tafiya, in sun so, don sauran kamfanoni su gani.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa, kuma a ganina ya fi kuɗin ciwo idan aka bar shi a duhu: yadda aka zaɓi masu tafiya. Chesky ya ambaci sunayen sassan da aka dakatar, na sufuri da na shirya finafinai, da waɗanda aka rage wa jari, na otal-otal da na gidajen alfarma. Sannan ya ce wa masu tafiya ba laifinsu ba ne. Wannan magana tana da nauyi ne saboda bayanin da ya gabace ta. In ba a faɗi ma'aunin zaɓe ba, ma'aikata za su ƙirƙiri nasu, kuma mun san irin wanda ake ƙirƙira a ofisoshinmu: wane ba shi da uwa a gindin murhu, wance ta taɓa faɗa wa manaja gaskiya.

Mu ma muna da namu kalmomin ɓoye-ɓoye. Ana cewa an yi garambawul, ko an sake fasalin ma'aikata, ko ana tantancewa, ko kuma a ce halin da ake ciki ne ya tilasta. Alamar gane irin wannan rubutu mai sauƙi ce: duba ko akwai wanda ya yi aikin a cikin jimlar. "An ɗauki matakin daidaita al'amura" ba ta da mai ita. "Ni da hukumar gudanarwa mun yanke shawarar sallamar mutum 12 daga sashen sayarwa" tana da mai ita, kuma ma'aikaci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A Najeriya wani ɓangare na wannan bayani ba alfarma ba ne. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ya ce a bi ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi iyakar ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa kafin sallama: mako guda ga wanda ya haura wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Dokar ba ta haɗa da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar ɗaukarsu aiki ce ke magana, don haka a buɗe ta kafin a rubuta komai.

Rage albashi ya fi sallama saurin jawo rubutun kwana-kwana, domin mai rubutun zai ci gaba da haɗuwa da mutanen kowace safiya. A ɗauka wata makaranta mai zaman kanta za ta rage kashi 20 cikin ɗari. Kada a tsaya a kan kason. A rubuta wa malamin cewa naira 150,000 ɗinsa zai koma 120,000, daga wane wata zuwa wane wata, da ranar da za a zauna a sake dubawa. A faɗa masa ko 30,000 ɗin bashi ce da za a biya shi daga baya, ko ta tafi ke nan. A faɗa masa abin da zai faru da fanshonsa, tunda kashi 8 da yake zubawa da kashi 10 na mai makaranta, bisa dokar fansho ta 2014, a kan albashi ake lissafa su. Kuma tunda albashi yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, a nemi amincewarsa a rubuce, kada ya fara ganin ragin a saƙon banki. Daga nan sai mai makaranta ya faɗi nawa ya rage a nasa. Masu Airbnb sun dakatar da albashinsu na wata shida, manyan jami'ai kuma suka koma rabi, tun kafin a taɓa aikin kowa.

Ba kowane kamfani ne zai iya biyan mako 14 ba, kuma daɗin baki ba ya cika tukunya. Amma mai kamfanin da ƙarfinsa bai wuce albashin wata guda ba yana iya rubuta wata guda ɗin, da ranar da zai shiga asusu, da sunan ofishin da za a tuntuɓa in bai shiga ba. Idan kai ne za ka sa hannu a irin wannan takarda, kada ka yi alkawarin ko naira ɗaya da ba ka tabbata tana hannunka ba.