Mabuɗin sa hannu: ƙaramin fayil da ke riƙe da ran manhajar Android

A ce wata makaranta mai zaman kanta a Kano ta biya wani matashi ya haɗa mata manhajar duba sakamakon jarrabawa a shekarar 2016. Ya ɗora ta a Google Play, iyaye suka sauke, aka yi shekaru ana amfani da ita. Daga baya aka sace kwamfutar matashin, shi kuma ya koma wani gari ya kama wata sana'a. Da makarantar ta so a gyara wani kuskure a manhajar, sai ta ɗauko sabon mai haɗa manhaja ta miƙa masa rubutun shirin gaba ɗaya. Ya yi gyaran cikin yini biyu. Da ya zo ɗorawa, Google Play ta ƙi karɓa, ta ce ba da mabuɗin da ta sani aka sa hannu ba. Rubutun shirin na nan, asusun Google Play na nan, kuɗin aiki na nan. Abin da ya ɓata fayil ne guda wanda bai kai girman hoton da ake turawa a waya ba, kuma shi kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Wayar Android ba ta girka manhajar da ba a sa wa hannu ba. Sa hannun ya yi kama da hatimin da hakimi ke bugawa a ƙasan wasiƙa, sai dai da lissafi ake yin sa. Mai manhaja yana ƙirƙirar mabuɗai biyu masu alaƙa da juna. Ɗaya na sirri ne, da shi ake buga hatimin, kuma yana zaune cikin fayil mai kalmar sirri wanda sunansa kan ƙare da .jks ko .keystore. Ɗayan na fili ne, yana tafiya cikin manhajar a matsayin takardar shaida, kowa na iya dubawa ya gane hatimin. Daga na fili ba a iya lissafo na sirri, shi ya sa manhajar da ke cikin wayoyin mutane ba za ta dawo wa mai ita da mabuɗin da ya ɓatar ba.

Ana ƙirƙirar mabuɗin a cikin Android Studio ko da umarni irin wannan:

```
keytool -genkeypair -v -keystore makaranta.jks -alias makaranta -keyalg RSA -keysize 2048 -validity 10000
```

Lambar 10000 kwanaki ce, wato shekara 27 da 'yan watanni. Ana zaɓar dogon wa'adi ne domin ana son mabuɗin ya rayu iya rayuwar manhajar, kuma Google Play ta sharɗanta kada wa'adinsa ya ƙare kafin 22 ga Oktoba, 2033.

Amfanin hatimin ya fi fitowa ranar sabuntawa. Idan sabon zubi ya zo, wayar tana duba sunan kunshin manhajar, kamar com.makaranta.sakamako, sannan ta gwada takardar shaidar sabon zubin da ta wanda ke cikinta. In sun dace, sai sabon ya hau kan tsohon ya gaji duk bayanan da aka adana. In ba su dace ba, wayar ta ƙi. Mai gwaji da kwamfuta zai ga saƙon INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE. Wannan tsaurin kariya ce ga mai waya. Ba don shi ba, kowane ɓarawo zai iya haɗa manhaja mai sunan ta bankinka, ya ɗora ta kan ta gaskiya, ya kwashe abin da ke ciki. Amma wayar ba ta san fuskar kowa ba. Mai manhaja na gaskiya da ya ɓatar da mabuɗinsa, a idonta, ba shi da bambanci da ɓarawon.

To me ya rage wa makarantar nan? Amsar ta dogara da tambaya ɗaya: wane mabuɗi ne ya ɓata? A da, mabuɗi ɗaya ne kawai, yana hannun mai manhaja, Google kuma ba ta da kwafinsa. A 2017 Google ta fito da tsarin Play App Signing, wanda ya raba aikin gida biyu. Mabuɗin sa hannu na ainihi, wanda wayoyi suka sani, yana zama a ma'ajiyar Google. Mai manhaja kuma yana riƙe da mabuɗin ɗorawa, wanda aikinsa kawai ya tabbatar wa Google cewa daga hannun mai asusun fayil ɗin ya fito. Google ta duba wannan hatimin, sannan ta buga na ainihi kafin manhajar ta isa wayar mutane. Daga watan Agustan 2021, duk sabuwar manhaja sai an ɗora ta a sigar Android App Bundle, wato fayil mai .aab, kuma wannan sigar tana tafiya ne da Play App Signing.

Idan mabuɗin ɗorawa ne ya ɓata, akwai gyara. Ana ƙirƙirar sabo, a fitar da takardar shaidarsa:

```
keytool -export -rfc -keystore sabo.jks -alias upload -file upload_certificate.pem
```

Sai mai asusun ya shiga Play Console, ya nemi a canza masa mabuɗin ɗorawa, ya miƙa wannan fayil. Bayan ɗan jira sabon mabuɗin ya fara aiki. Masu amfani da manhajar ba za su ma san an yi wani abu ba, domin hatimin da wayarsu ta sani bai canza ba.

Makarantar misalinmu ba ta samu wannan sauƙin ba. An ɗora manhajarta kafin tsarin ya fito, kuma ba wanda ya shigar da ita daga baya. Shigar da tsohuwar manhaja cikin Play App Signing yana buƙatar a miƙa wa Google tsohon mabuɗin, shi ne kuwa babu. Wani zai ce ai tun Android 9 akwai hanyar sauya mabuɗi. Haka ne, amma sauyin yana yiwuwa ne idan tsohon mabuɗin ya sa hannu yana shaida cewa sabon magajinsa ne. Wanda ya ɓata ba ya naɗa magaji.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce a fitar da manhajar a matsayin sabuwa da wani sunan kunshi, domin Google Play ba ta sake bayar da sunan da aka riga aka yi amfani da shi. Taurari da sharhin da iyaye suka rubuta cikin shekaru suna maƙale da tsohuwar. Adadin waɗanda suka sauke ya koma sifili. Bayanan da tsohuwar ta adana cikin wayoyi ba za su tsallaka zuwa sabuwar da kansu ba. Sai makarantar ta bi iyaye ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su sauke sabuwa, kuma ba za ta iya tura wannan sanarwa ta hanyar sabunta tsohuwar ba, tunda ƙofar sabuntawar ce ta rufe.

Kafin a yanke ƙauna, akwai binciken da ya kamata a yi, domin sau da yawa mabuɗin bai ɓata ba, cakuɗewa ya yi da wasu. Kowace takardar shaida tana da lambar da ta keɓanta da ita kamar zanen yatsa, ana nuna ta da SHA-1 ko SHA-256. Idan Play Console ta ƙi karɓar fayil, tana nuna zanen da take jira da wanda ta samu. A tattaro duk fayilolin .jks da ke tsofaffin filashi da saƙonnin imel, a duba kowanne:

```
keytool -list -v -keystore makaranta.jks
```

Wanda zanensa ya dace da abin da Google ke jira, shi ne ake nema. A kula da tarko biyu. Na farko, Android Studio tana da mabuɗin gwaji mai suna debug.keystore da take ƙirƙira da kanta, kuma Google Play ba ta karɓar manhajar da aka sa wa hannu da shi. Na biyu, fayil ɗin da aka manta kalmar sirrinsa daidai yake da wanda ya ɓata. Abubuwan ajiya huɗu ne: fayil ɗin, kalmar sirrinsa, sunan mabuɗin da aka rubuta bayan -alias, da kalmar sirrin mabuɗin in ta bambanta.

Mabuɗin Google bai rufe zancen ba, musamman a wurinmu inda ake tura manhaja hannu da hannu ta Xender ko WhatsApp saboda tsadar data. Idan ka bari Google ta ƙirƙiri mabuɗin sa hannu, ba za ta ba ka kwafinsa ba. In ka sa wa fayil ɗin APK hannu da mabuɗin ɗorawa ka raba wa mutane, hatiminsa ya bambanta da na wanda ke Google Play, kuma ɗaya ba zai hau kan ɗaya ba. Mafita ita ce ka sauko da APK ɗin da Google ta sa wa hannu daga Play Console ka raba shi, ko kuma tun farko ka ƙirƙiri mabuɗin da kanka ka miƙa wa Google kwafi. Wanda kuma ba ya bi ta Google Play ko kaɗan, nauyin mabuɗin gaba ɗaya yana wuyansa kamar da.

Sata ta fi ɓata muni. Wanda ya sace mabuɗin sa hannu zai iya haɗa muguwar manhaja da hatiminka, wayoyi su karɓe ta a matsayin sabon zubin taka. A ƙarshen 2022 wani injiniyan Google ya bayyana cewa an samu mugayen manhajoji ɗauke da sa hannun mabuɗan wasu manyan kamfanoni, cikinsu har da Samsung da LG da MediaTek. A wurin ƙananan masu haɗa manhaja, ɓarakar ta fi zuwa ta hanyar ganganci: a tura fayil ɗin cikin GitHub tare da rubutun shiri, ko a rubuta kalmar sirri a fili cikin build.gradle. Gyaran shi ne a ware kalmomin sirri cikin wani fayil dabam kamar keystore.properties, a saka shi da fayil ɗin mabuɗin cikin .gitignore.

Ajiya mai kyau ba ta da tsada. A yi kwafi biyu ko uku a wurare dabam-dabam, ɗaya a filashi a kulle cikin akwati, ɗaya a ma'ajiyar intanet bayan an rufe shi da kalmar sirri mai ƙarfi. Kada a ajiye kalmar sirrin wuri ɗaya da fayil ɗin. Lokaci-lokaci a ɗauko kwafin a buɗe da keytool a tabbatar yana nan lafiya, domin filashi na lalacewa ba tare da an sani ba. A kuma kunna tabbacin shiga mai mataki biyu a asusun Google, tunda mai riƙe da asusun ne ke da ikon neman canza mabuɗin ɗorawa.

Ga shugabannin makarantu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar haɗa manhaja: ku buɗe asusun Play Console da sunanku, ku ba mai aikin izinin shiga. Ku rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an miƙa muku fayil ɗin mabuɗin da kalmomin sirrinsa, an kuma gwada su a gabanku. Wanda ke da tsohuwar manhaja kuma mabuɗinta na hannunsa, ya shigar da ita Play App Signing tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.