Rariyar Bloom: "Babu" Tabbas, "Akwai" Wataƙila

Idan kwamfuta na riƙe da miliyoyin sunaye a kan faifan ajiya, tambayar "wannan sunan yana ciki?" tana da tsada, domin leƙa faifai yana cin lokaci. A shekarar 1970 wani masani mai suna Burton Howard Bloom ya fito da dabarar rage wannan wahala, kuma da sunansa ake kiranta har yau: rariyar Bloom.

Kayan aikinta kaɗan ne. Akwai jerin gurabe, kowane gurbi bit ɗaya ne, wato ko 0 ko 1, kuma duka da 0 suke farawa. Sai wasu ƙa'idojin lissafi da ake kira hash, waɗanda kowannensu ke karɓar kalma ya mayar da ita lambar gurbi. Kalma ɗaya kullum lamba ɗaya za ta bayar.

A ce muna da gurabe 12 da hash uku. Muka saka "doki", lissafi ya nuna gurabe na 1, 5 da 9, muka mayar da su 1. Muka saka "raƙumi", ya nuna 2, 5 da 11. Yanzu wani ya tambaya ko akwai "jaki". Lissafi ya ba da 1, 4 da 9. Gurbi na 4 har yanzu 0 ne, kuma da an taɓa saka jaki, da ya koma 1. Saboda haka babu shi, ba sai an je faifai ba.

To, "akuya" fa? Lissafinta ya faɗa kan 2, 9 da 11, duka kuwa 1 ne. Amma ba mu taɓa saka akuya ba: doki ne ya cika ɗaya, raƙumi ya cika biyu. Shi ya sa rariyar ba ta rantsuwa a kan "akwai". Iyakarta ta ce wataƙila, a je a duba.

Ana iya ƙayyade yawan wannan ruɗu. Idan aka ware wa kowace kalma kimanin bit 10 tare da hash bakwai, a cikin tambayoyi ɗari na abin da babu, kusan ɗaya kawai zai zille. In aka cika mata kaya fiye da yadda aka tsara, gurabe su koma 1 kusan duka, sai ta riƙa cewa wataƙila ga kowa, amfaninta ya ƙare. Ba a kuma goge kalma daga cikinta. Wanda ya share gurbi na 5 don cire doki ya ɓatar da raƙumi ma.

Rumbunan bayanai irin su Bigtable na Google da Cassandra suna tambayarta kafin su taɓa faifai. A ganina cinikin ya yi riba, muddin akwai inda za a tabbatar da amsar daga baya.