Karatun Farashi a Wasiƙar Falke: Misali Daga Hanyar Gwanja

A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kabi da Arewa, ƙasar Dogondutsi da Tibiri ta yau, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu har Salaga domin sayen goro. Falken da ke son aika wa ɗan'uwansa labari yakan nemi malamin ayari ya rubuta masa, yawanci da Larabci, wani lokaci da ajami. Wannan rubutu yana da ƙa'ida, domin a 1877 Imam Umaru, wanda daga baya ya zauna Kete-Krachi, ya wallafa littafin koyar da rubutun wasiƙa da Larabci. Bayan bisimilla da gaisuwa, sai kalmar "bayan haka" ta buɗe zancen haja da na hanya. A nan ne mai juya wasiƙar zuwa boko ya fi yin kuskure.

Abu na farko shi ne ma'auni. Goro da ƙwarya ake lissafa shi, ƙwarya kuwa goro 100 ce, ba mazubi ba. Kuɗin ciniki wuri ne: "alfin" wuri 2,000 ke nan, "zambar goma" 10,000, "keso" kuma 20,000. A ɗauka misali falke ya ce ya sayar da ƙwarya goma a kan keso guda. Ma'anarsa goro 1,000 a kan wuri 20,000, watau kowane goro wuri 20. Amma in bai ambaci kasuwar ba, lissafin bai cika ba, gama goro yana ƙara tsada gwargwadon nisansa da Gwanja, saboda kuɗin fito, da garamar sarakuna, da wanda ya ruɓe a hanya.

Na biyu shi ne shekara. A 1851 Heinrich Barth ya tarar ana canza dalar azurfa a kan wuri 2,500 a Kano, amma darajar wuri ta yi ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Saboda haka ba a gwama farashin wasiƙu biyu sai an san zamanin kowace.

Inda babu kwanan wata, labarin haɗarin hanya shi ke nuna zamani. Ambaton yaƙi tsakanin Kabi da Gwandu yana iya nuna tawayen da ya soma a 1849, ko da yake rikicin ya daɗe, bai tsayar da shekara guda ba. Ambaton fashewar Salaga ya fi ƙarfi, domin basasarta a 1892 ta auku, fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da wasu kasuwanni.

Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci kuwa, ya kamata su lura da kalmar "dala". Mai karatu a Dogondutsi tamma biyar zai fahimta, alhali falke azurfa yake nufi. Wasiƙar da aka buga ba tare da wannan bayani ba, ta mayar da dukiyar ayari kuɗin cefane.