Idan mai bincike ya ce maka "faɗi adadi kawai"

Duk wanda aka tare a unguwar Briqueterie ko Nkomkana aka tambaye shi ko ya ba ma'aikaci na goro a bana, da wuya ya amsa da gaskiya. Dokar Kamaru tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa, kuma tun 2006 akwai hukumar CONAC mai yaƙi da cin hanci. Wa zai tona wa kansa asiri a gaban baƙo mai riƙe da takarda? Shi ya sa masu bincike suka ɓullo da tambayar jeri, kuma ya kamata ka san yadda take kafin a ƙwanƙwasa maka ƙofa.

A ɗauka mutum 400 za a tambaya. Sai a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. A karanta wa kashin farko abubuwa huɗu: a watan jiya ka sayi tsire, ka hau babur, ka je asibiti, ka shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré. Kashi na biyu a karanta musu waɗannan huɗun, a ƙara na biyar: ka ba da kuɗi a ɓoye don a yi maka takarda. Ba a tambayarka wanne ka yi. Nawa ka yi a ciki, shi ke nan. Ka ce uku, babu mai sanin waɗanne ukun ne.

Idan matsakaicin amsar kashin farko 2.1 ne, na biyu kuma 2.4, ratar 0.3 daga abu na biyar ta fito, tunda ƙuri'a ta sa kashi biyun sun yi kama da juna. Wato kusan mutum 30 cikin 100 sun ba da hanci. An gwada haka a Nicaragua bayan zaɓen 2008: da aka tambayi mutane kai tsaye ko an ba su kyauta don ƙuri'arsu, kusan 2 cikin 100 suka amsa. Da aka bi ta jeri, sai ga kusan 24.

Amma rufin asirin yana da ɓaraka. Wanda ya yi duka biyar, da ya ce "biyar" ya fallasa kansa. Don haka ka saurari jerin da kyau. Idan duk abubuwan na yau da kullum ne, irin su cin abinci da gaisawa da maƙwabta, wanda ya tsara shi bai iya ba, domin kowa ya yi su. Jeri mai kyau yana haɗa abin da aka saba da abin da ba kasafai ake yi ba, kamar tafiyar Ngaoundéré ɗin nan.

In kuwa ka faɗi adadi mai tambaya ya ce "to waɗanne ne?", ya karya ƙa'idar aikin, kuma kana da damar yin shiru. Ka nemi ganin katinsa na aiki tun farko, ka ji wace cibiya ta aiko shi, ka kuma tambaya ko sunanka da lambar wayarka za su zauna a takarda ɗaya da amsarka.